Yadda ake shigar da tunatarwar ranar ganin likita cikin saƙon tes guda ɗaya

Na yi shekaru a teburin kati na wani ƙaramin asibitin unguwa, kuma cikin ayyukan da suka faɗo hannuna akwai tura wa mutane saƙon tes in ranarsu ta dawowa ta matso. Saƙon farko da na rubuta na fara shi da sallama da gaisuwa yadda aka koya mana a gida. Ga shi yadda yake:

```
Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya. Muna tunatar da ke cewa kina da ganin likita gobe da misalin ƙarfe tara na safe a asibitinmu. Ki ɗauko katinki. Idan ba za ki samu damar zuwa ba ki sanar da mu. Mun gode.
```

Ta fuskar ladabi babu abin da za a ce da shi. Amma kuɗin saƙo huɗu ake cire mana a kan kowace mace ɗaya, kuma duk da wannan tsadar babu kwanan wata a ciki, babu sunan asibiti, babu lambar ɗaki, babu hanyar da za ta sanar da mu ɗin da muka ce ta sanar. Wannan saƙon za mu bi mu gyara har ya koma guda ɗaya da ke ɗauke da rana, lokaci, wuri da hanyar amsa.

Ka fara sanin girman buhun

Saƙon tes guda ɗaya yana ɗaukar harafi 160. A wannan lissafin komai harafi ne: tazarar da ke tsakanin kalma da kalma, waƙafi, aya, lamba, har danna sabon layi. Da zarar ka kai 161, saƙon ya rabu biyu, kuma kowane yanki ba ya ɗaukar 160 kuma sai 153, domin ana cire ɗan wuri a kowanne a rubuta bayanin da wayar mai karɓa za ta bi ta haɗa su. Galibi a fuskar waya za ka ga saƙo ɗaya dogo, amma kamfanin layi biyu ya ƙirga.

Inda abin ya shafe mu masu rubuta Hausa shi ne wannan 160 ɗin yana da sharaɗi. Sai in duk haruffan da ka yi amfani da su suna cikin jerin haruffan GSM, wato baƙaƙen boko na yau da kullum, lambobi, alamomin rubutu da wasu 'yan haruffan harsunan Turai. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, babu ko ɗaya a cikin jerin. In ɗaya tak ya shiga, saƙon gaba ɗayansa yana komawa wani tsarin da shafukan tura saƙo ke nunawa da sunan Unicode, wanda kowane harafi ke cin wuri fiye da ninki biyu. Buhun sai ya koma harafi 70, in kuma ya rabu, kowane yanki 67.

Yanzu koma kan saƙona na sama. Harafi 217 ne. Da babu lanƙwasa a ciki, saƙo biyu ne. Amma ƙ na "ƙarfe" da ɗ na "ɗauko" sun mayar da shi yanki-yanki na 67, ya zama huɗu. Mutum 200 a wata ya zama kuɗin saƙo 800. Abin da ya fi ci mini rai da na zauna na ƙirga shi ne harafi 70 na farko sun ƙare daidai a kan kalmar "cewa". Kusan saƙo guda cur ya tafi ban faɗa wa matar komai ba.

Rubuta ƙashin bayan saƙon kafin komai

Kar ka ɗauki dogon saƙo kana yanke shi kaɗan-kaɗan, za ka daɗe kana ciniki da kowace kalma. Ɗauki farar takarda ka rubuta abin da in babu shi mutum ba zai iso wurin a kan lokaci ba:

```
Talata 14 Oktoba, 9:00 na safe, daki na 3.
```

Harafi 42 ke nan, kuma rana da lokaci da rabin wuri sun shiga. Kowane ɓangare akwai dalilin da ya sa na rubuta shi haka.

Kalmar "gobe" ita ce ta farko da za ka kora. Kai ka san ranar da ka tura, amma ba ka san ranar da za a karanta ba. Wayar na iya kwana biyu a kashe saboda babu wuta, ko tana wurin mai caji, ko tana aljihun maigida ya tafi kasuwar ƙauye. In an kunna ta saƙon ya faɗo, "gobe" ta zama yau ko ma jiya. Mun sha ganin mace ta zo washegarin ranarta riƙe da waya tana nuna mana cewa ai gobe muka ce, kuma gaskiyarta.

Sai ka haɗa sunan rana da kwanan wata, kar ka zaɓi ɗaya. Mutanenmu da sunan rana suke riƙe alƙawari, da yawa ma da ranar kasuwa suke auna mako, don haka "Talata" ita ke zama a kai. Kwanan watan kuma shi ke raba wannan Talatar da mai zuwa. Akwai wani amfanin: in ka yi kuskure a ɗaya, ɗayan zai tona, mutum ya ga ba su yi daidai ba ya tambaya. Sunan watan ka rubuta shi da kalma. Rubuta 14/10 zai rage maka harafi huɗu, amma ranar da ka rubuta 3/4 wani zai karanta 3 ga Afrilu wani 4 ga Maris, musamman in kwamfutar da ke cika saƙon an saita ta a tsarin Amurka inda wata ke gaba. Shekara ba ta da aiki a nan, bar ta.

A lokaci, kalmar "ƙarfe" ita ce babban tarkon mai rubuta tunatarwa da Hausa, domin hannu ya saba da ita kuma da ƙ take farawa. Ba ka buƙatar ta. Kowa ya ga 9:00 ya san agogo ake nufi. Abin da ba a yankewa shi ne "na safe", "na rana" ko "na yamma". Ni ba na rubuta 14:00 ga mutanenmu na Najeriya, na fi son "2:00 na rana", ko da yake a Maraɗi ko Damagaram 14h ba baƙo ba ne. "Da misalin" kuwa ka cire ta ko da akwai wuri, domin izini ce ta a makara. In alƙawarin na dare ne, ka yi hattara da cewa "daren Juma'a", domin a wurin Bahaushe wannan daren Alhamis ne da za a wayi gari Juma'a. Rubuta "Alhamis, 8:00 na dare".

Abin da za ka yi da lanƙwasa

Ina cikin masu jin haushin ganin an rubuta Hausa babu lanƙwasa, don haka ba da sauƙi nake ba da wannan shawarar ba. A cikin saƙon tes hanya biyu ce, kuma ta farko ta fi: ka zaɓi kalmar da dama ba ta da lanƙwasa. Maimakon "ɗauko katinki" ka ce "zo da kati". Maimakon "a ɗage" ka ce "a sauya rana". "Ƙarfe" mun riga mun sallame ta. Hausa tana da yalwar da kusan kullum za ka samu madadi.

Ta biyu ita ce ka cire lanƙwasar a inda ma'ana ba za ta rikice ba. "Daki na 3" babu mai karanta shi da wata ma'ana. Amma ka kula da irin su "ƙasa" da "kasa", ko "ɓata" da "bata", inda cire lanƙwasa ke haifar da wata kalma daban. In jimlar ba ta fayyace wacce ake nufi ba, sauya jimlar.

In ka dage sai da lanƙwasa, to buhunka 70 ne, kuma ga iya abin da zai ɗauka:

```
Talata 14 Oktoba, ƙarfe 9 na safe, ɗaki na 3. Turo 1: zan zo, 2: a'a
```

Harafi 68 ne, ya shiga saƙo ɗaya. Sai dai babu gaisuwa, babu sunan mai turowa. Yana yin aiki ne kawai in mutumin ya riga ya adana lambarku a wayarsa.

Akwai wasu ɓarayin wuri da ido ba ya saurin gani. Fuskokin nan na murmushi da hannun addu'a suna jefa saƙo cikin tsarin 70. Alamar naira mai layi biyu ma haka, don haka in za ka ambaci kuɗin kati rubuta N500 da N na yau da kullum. Masu haɗawa da Faransanci su sani é da è da à suna cikin jerin, amma ê da ô ba sa ciki. Wanda ya fi ba ni wahala kafin in gano shi shi ne ɗan waƙafin sama na "Juma'a". Miƙaƙƙen, wanda ke fitowa kai tsaye daga madannai, yana cikin jerin. Amma in ka rubuta saƙon a Word, shi da kansa yake mayar da shi mai lanƙwasa, wanda ba ya ciki. Sai ka ga duk saƙonnin mako suna tafiya ɗaya-ɗaya, na masu ranar Juma'a kaɗai ke cin kuɗin uku. In ka ga irin wannan, waƙafin za ka fara dubawa. Maganinsa ka riƙa rubuta saƙon a Notepad ko kai tsaye a wurin turawa.

Wuri, sunan mai turowa, da abin da ba a rubutawa

"Asibitinmu" ba wuri ba ne. Matar da ke da kati a wurare biyu ba ta san wanne ba. Saka sunan asibitin a farkon saƙo, ya yi aiki biyu: ya faɗi wanda ke magana, ya kuma faɗi inda za a zo. A misalina zan sa "Asibitin Unguwa" a madadin naku. In sunanku dogo ne, yi amfani da wanda masu adaidaita suka san ku da shi, ba wanda ke kan takardar rajista ba. Tsohon majiyyaci ba ya buƙatar kwatance, lambar ɗaki ta ishe shi. Sabon zuwa ko wanda aka tura wani reshe shi ke buƙatar alama ɗaya, kamar "daura da masallacin Juma'a", kuma wannan sai ka yi masa samfurin saƙo na daban. Adireshin intanet na taswira ba na sa shi: yana cin wuri mai yawa, ƙaramar waya ba ta buɗe shi, kuma mutane sun koyi tsoron danna irinsa saboda 'yan damfara.

Dalilin zuwan kuma "ganin likita" ya isa. Kar ka rubuta sunan ciwo, ko sunan sashen da ke tona ciwon, ko "karɓar magani". Waya a gidajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Miji na dubawa, kishiya na ara, kuma wadda ba ta karatun boko yaron maƙwabta za ta miƙa wa ya karanta mata da ƙarfi a tsakar gida. Har awon ciki ni ba na ambata, domin akwai masu ɓoye ƙaramin ciki kuma haƙƙinsu ne. A nan ƙarancin wuri ya zo daidai da rufin asiri.

Gaisuwa ba na yarda a cire ta ɗungurum. Saƙon da ya faɗo wa dattijuwa babu sallama kamar sammaci yake. "Salam Hajiya." harafi 13 ne, kuma ya biya. "Malama" ma shida ce kamar "Hajiya", don haka lissafi ba ya canzawa. Na maza ka yi musu nasu samfurin da "Malam" ko "Alhaji" da "ka", kar a tura wa magidanci "ki zo".

Hanyar amsa ta dogara da inda saƙon ya fito

Kafin ka rubuta "turo 1", ka tambayi kanka ina 1 ɗin zai sauka. In daga layin waya na yau da kullum kake turawa, amsa za ta dawo cikin wayar. In kuwa ta shafin masu tura saƙo da yawa ne, kuma sunan asibiti ke fitowa a saman saƙon maimakon lamba, abin da suke kira Sender ID wanda ba ya wuce harafi 11, to ba a iya amsa masa. Matar za ta danna 1 ta tura, ko wayar ta ƙi, ko saƙon ya tafi babu inda ya je, ita kuma tana ganin ta sanar da ku.

Ga wanda ke turawa daga layin da ke karɓar amsa, ga cikakken saƙon:

```
Salam Hajiya. Asibitin Unguwa: ganin likita Talata 14 Oktoba, 9:00 na safe, daki na 3. Ki zo da kati. Turo 1 in za ki zo, 2 in ba dama, ko kira 080XXXXXXXX
```

Harafi 155. Na zaɓi "1 in za ki zo, 2 in ba dama" a kan rubuta shi da alamar lissafi, domin in yaro ya karanta shi da baki yana fita a matsayin magana. Zaɓi biyu sun isa, na uku rikici yake kawowa. Lamba ɗaya kuma ta fi a ce mutum ya rubuta kalma, musamman a ƙaramar waya mai madannai.

Ga mai turawa da sunan da ba a amsa masa, ƙarshen saƙon sai ya canza:

```
Salam Hajiya. Asibitin Unguwa: ganin likita Talata 14 Oktoba, 9:00 na safe, daki na 3. Ki zo da kati. In ba dama, kira ko yi filashin 080XXXXXXXX
```

Wannan 145 ne. Filashin yana da daraja a wurina domin ba ya cin ko kwabo, kuma wadda ba ta da kati a waya ita ce ta fi yiwuwa ta yi shiru. Amma in ka rubuta shi ka ɗauki alƙawari: dole a samu wanda ke riƙe da wayar nan yana mayar da kira a ranar.

Gwada shi da rana mafi tsawo

Saƙon da ya shiga yau ba lallai ya shiga wata mai zuwa ba, domin sunayen ranaku da watanni ba tsawonsu ɗaya ba. "Talata" shida ce, "Alhamis" da "Litinin" bakwai-bakwai. "Oktoba" shida, "Fabrairu" takwas. 10:30 ya fi 9:00 da harafi ɗaya, ɗaki na 12 ya fi na 3 da ɗaya. Ɗauki saƙonmu mai 155 ka sa masa "Alhamis 26 Fabrairu, 10:30 na safe, daki na 12", sai ya tashi 160 cif. Ya shiga, amma a bakin rijiya yake. Tazara ɗaya da ta maƙale a ƙarshen layi, ko wani ya rubuta "Faburairu", ya zama saƙo biyu. Don haka na mayar da "daki na 3" ya zama "daki 3", na samu rarar uku. In layin da kake turawa da shi shi ne kuma na kira, cire lambar ka rufe da "ko ki kira.", ka ƙara samun takwas. In har yanzu wuri ya ƙi, "Ki zo da kati." ita za ta fara fita, da harafi 15 ɗinta har da tazarar da ke bayanta, domin wadda ta manta kati ana iya nemo fayil ɗinta, wadda ta manta rana kuwa ba ta zo ba sam.

In kana son sa sunan mutum maimakon "Hajiya", da suna mafi tsawo a rajistarka za ka gwada, kuma sunan farko kaɗai.

Wanda ke haɗa saƙonni a Excel yana iya ƙirga tsawon kowanne da wannan:

```
=LEN(A2)
```

Amma wannan tsawo kawai yake faɗa, ba ya gane lanƙwasa. Saƙo mai 150 da ƙ ɗaya a ciki zai nuna maka 150, alhali kuɗin uku zai ci. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka manna saƙon a wurin rubuta tes ka dubi ɗan ma'aunin da yawancin wayoyi da shafukan turawa ke nunawa a gefe. In ka ga adadin saƙo ya yi tsalle zuwa 3 ko kalmar Unicode ta bayyana, akwai baƙon harafi a ciki. Riƙa goge kalma ɗaya-ɗaya har ma'aunin ya sauko, kalmar da ka goge ta ƙarshe ita ce mai laifin. Ka kuma duba lambobin waya a Excel, domin yana cinye sifilin farko in ba a saita layin a matsayin rubutu ba.

Daga nan tura wa kanka, ka tura wa abokan aiki masu layuka daban-daban, kuma lallai ɗaya ya kasance mai ƙaramar waya. A Najeriya ka sa wanda ya rufe saƙonnin talla a cikin masu gwajin, wato wanda ya tura STOP zuwa 2442 a tsarin DND na hukumar NCC. Saƙon da ya bi hanyar talla ba ya isa ga irin wannan layin, don haka in nasa bai shiga ba, ka nemi masu shafin su ɗora ka a hanyar saƙonnin sanarwa. Gwajin ƙarshe ba na na'ura ba ne: miƙa wa mai shara ko mai gadi wayar, ya karanta ko a karanta masa, sannan ka tambaye shi yaushe, ƙarfe nawa, ina, kuma me zai yi in ba zai samu zuwa ba. In ya yi jinkiri a ɗaya, wannan gurbin za ka gyara.

Ni kwana biyu kafin ranar nake turawa, da hantsi, domin wadda ta ce ba dama a samu lokacin ba wa wata gurbinta, ita ma mai zuwa ta samu damar neman izini da kuɗin mota. Amsoshin kuma ba za su zo da tsabta ba. Za ka ga "1 na gode", "to", "in sha Allah", har da mai turo "12". Uku na farko ina rubuta su a masu zuwa. Mai 12 da waɗanda suka turo 2 ina kiransu kafin a tashi aiki in ba su wata ranar, sannan in tura musu sabon saƙo da sabon kwanan wata, domin tsohon yana nan a wayar kuma shi za a nuna wa mai karantawa. Waɗanda suka yi shiru ba na soke gurbinsu. Washegari da safe nake bin su da kira, ina farawa da waɗanda likita ya sa wa alama a fayil.